Yadda za ka matse agrimen ɗin haya mai shafi tara ya dawo shafi ɗaya

Tambaya: Salamu alaikum barista. Zan kama gida a Kubwa, ejan ya turo min agrimen shafi tara duk turancin lauyoyi, wai in sa hannu kafin Juma'a. Na karanta sau biyu kaina ya ɗau zafi ban riƙe komai ba. Dan Allah ya zan yi in fitar da abin da ke kaina, da ranakun da ya kamata in kiyaye, da tarar da za a ci ni in na saɓa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka samu farar takarda ɗaya da biro, ka ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, ta rabu gida huɗu. Gidan farko ka rubuta "wa", na biyu "me zai yi", na uku "yaushe", na huɗu "in bai yi ba fa". A can gefe ka bar ɗan fili na lambar sakin da ka ɗauko maganar. Duk wani sakin layi da ke cikin shafi taran nan, in har ya shafi aljihunka ko zamanka a gidan, zai shiga gidajen nan huɗu, wanda kuma ya ƙi shiga to ko dai gabatarwa ce irin ta su wane da wane sun amince, ko kuma an rubuta shi a dunƙule ne, shi kuma irin wannan sai ka yi masa alamar tambaya dan shi ne yake zama rigima daga baya. Ni shekaruna da dama ina wannan aikin kuma har yau da biro nake yi, saboda rubutawa da hannu tana tilasta maka ka tsaya a kan kowace jimla ka tambayi kanka wai wa ake nufi a nan.

Bari in bi da kai ta wata takarda da na taɓa yi wa wani ƙanin matata, shi ma a Kubwa ne, gida mai ɗaki biyu da falo, dan ka ga yadda abin yake fitowa.

Kar ka fara daga shafin farko kana bi layi layi, nan ne kai yake ɗaukar zafi. Fara da nemo ranaku, duk inda ka ga kwanan wata ko an ce kwana kaza ko wata kaza ka ja layi a ƙarƙashi. A takardar yaron nan akwai ranaku uku da mutane ke ɗauka abu ɗaya ne alhali ba ɗaya ba ne. An sa hannu ran 10 ga Maris 2025, an ba shi makulli ran 17 ga Maris saboda mai fenti bai gama ba, amma a ciki an rubuta haya ta fara ran 1 ga Maris 2025 za ta ƙare ran 28 ga Fabrairu 2026. Kuɗin hayar naira miliyan 1.8 ne a shekara, in ka raba gida 365 kowace rana tana kamawa wajen naira 4,930, kwana 16 da ya biya yana kwana a ɗakin abokinsa sun tashi kusan dubu 79 kenan. Shi a ransa shekararsa za ta cika tsakiyar Maris, takarda kuma ta ce ƙarshen Fabrairu, kuma in an je gaban alƙali takarda za a duba ba abin da ke ransa ba. Kai da ba ka sa hannu ba tukuna, ka ce a mayar da ranar farawa ta zama ranar da makulli zai shiga hannunka, yawancin masu gida ba sa musu a kan wannan in an faɗa da wuri.

A nan wajen ranar farawa da ƙarewa akwai abin da na fi so ka tsaya a kai fiye da komai, dan shi ne ya fi cin mutane. Duba yadda aka siffanta hayar. Akwai wadda ake rubutawa ƙayyadajjen wa'adi, shekara ɗaya daga rana kaza zuwa rana kaza, ta ƙare shikenan. Akwai kuma ta shekara shekara, wadda take juyawa da kanta sai wani ya ba wani notis. A baki duk "hayar shekara" muke cewa, a doka kuwa tazararsu da nisa. Za ka ji mutane na cewa ai mai gida bai isa ya tashe ni ba sai ya ba ni notis na wata shida, to wata shidan nan gaskiya ce, tana cikin dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ake aiki da ita a Abuja: mai biyan sati sati notis ɗin sati ɗaya, mai biyan wata wata notis ɗin wata ɗaya, mai biyan wata uku uku wata uku, na shekara shekara kuma rabin shekara. Dokar haya ta Legas ta 2011 ma kusan haka ta tsara. Amma fa wannan lissafin yana aiki ne in ku biyun ba ku rubuta wani abu daban ba. In agrimen ya ce notis ɗin wata ɗaya kuka sa hannu, wata ɗaya ne naka. In kuma ƙayyadajjen wa'adi ne, ranar da ya cika hayar ta mutu da kanta, ba ya buƙatar ba ka wata shida ko wata ɗaya, abin da ya rage masa kawai takardar kwana bakwai da yake sanar da kai zai je kotu ya karɓi gidansa. Ta yaron nan ƙayyadajje ce. Dan haka layin farko a takardar taƙaitawarsa na rubuta masa da manyan baƙi: haya tana mutuwa 28 ga Fabrairu 2026, babu notis na wata shida. Ka lura kuma dokar nan kowace jiha da tata, wanda ya kama gida a Mararraba yana zuwa aiki Abuja to shi yana Nasarawa ne, dokar can za a bi da shi.

Sai ranakun da ba a rubuta su da lamba ba, waɗanda kai za ka lissafo. Su ne masu haɗari saboda ido ba ya kama su. Saki na 6 a takardarsa ya ce in ɗan haya yana son sabuntawa ya sanar da mai gida a rubuce aƙalla wata uku kafin wa'adi ya cika. In ka kwafe haka a taƙaitawarka, "wata uku kafin ƙarewa", wallahi ba ka yi komai ba, za ka manta. Dole ka juya shi ya zama kwanan wata. Wata uku baya daga 28 ga Fabrairu, wani zai ce 30 ga Nuwamba wani zai ce 28 ga Nuwamba, ni kullum wadda ta fi kusa nake ɗauka dan kar a samu abin jayayya, sai na rubuta 28 ga Nuwamba 2025, da na duba kalanda na ga Juma'a ce, ranar da ofisoshi da yawa ba ka samun kowa bayan masallaci, sai na ce ya sa a wayarsa ta tuna masa tun 14 ga Nuwamba. Kuma "a rubuce" ɗin nan ka bi shi, akwai wani saki can wajen ƙarshe da yake faɗin yadda ake isar da sanarwa, a tasa an ce a kai wasiƙa hannu da hannu ofishin lauyan mai gida. Kaga kenan saƙon waya da zai tura wa ejan "oga zan sabunta" ba lallai ya tsaya masa ba. A gida na biyu na rubuta: wasiƙa kofi biyu, a kai ofishin lauya, su sa hannu da kwanan wata a kofi ɗaya ka riƙe. A gida na huɗu kuma: in rana ta wuce, mai gida na da damar ba wa wani gidan ko ya yanka sabon kuɗi yadda ya so.

Yanzu kuɗi. Ejan zai ce maka gida miliyan 1.8 ne, amma abin da zai fita daga asusunka ranar farko daban. Nasa ya kasance haya 1,800,000, ejan kashi goma cikin ɗari 180,000, lauya kashi biyar 90,000, koshon, wato kuɗin ajiya dan gudun ɓarna a gidan, 200,000, sabis caji na wata ukun farko 30,000, jimla miliyan 2.3 cif. Kowane ɗaya layinsa daban, kuma a gaban kowane ka rubuta abu biyu, wa ake ba wa, kuma yana dawowa ko ba ya dawowa. Na ejan da na lauya sun tafi kenan, kuma ka tabbata an nuna sau ɗaya ake biya, dan akwai masu dawowa shekara ta biyu su ce a sake biyan kuɗin agrimen. Sabis caji kuma dubu 120 ne a shekara ana biya kashi huɗu, sai na jera masa ranakun, 1 ga Maris, 1 ga Yuni, 1 ga Satumba, 1 ga Disamba, na kuma sa ya tambaya me kuɗin ya ƙunsa, aka ce maigadi da famfon borhol da sharar tsakar gida, ban da kwasar bola da wuta. Maganar wuta, ranar da ka shiga ka ɗau hoton mita ka bincika ko akwai tsohon bashin AEDC a kanta, domin in akwai, duk sanda ka sayi kati za a riƙa zaftare wani abu, kana biyan wutar da wani ya sha. In takarda ba ta ce komai kan tsohon bashi ba ka sa a ƙara layi ɗaya cewa duk bashin da ya gabaci ranar shigarka na mai gida ne.

Koshon shi kaɗai sai ya ci layi uku ko huɗu a taƙaitawa, domin kuɗinka ne a hannun wani kuma sharuɗɗan dawo da shi a warwatse suke. A takardarsa saki na 4 ya ce za a mayar cikin kwana 30 bayan miƙa makulli, ka ji daɗi. Amma saki na 9 ya ce ɗan haya zai sake fentin cikin gida kafin ya fita, saki na 11 ya ce sai an zaga gidan tare da wakilin mai gida, wani wajen kuma ya ce sai ka nuna rasit ɗin cewa ba a bin ka sabis caji. In ka karanta na 4 kaɗai za ka zauna kana ƙirga kwana 30, ranar da ka je karɓa a ce an cire dubu 140 na fenti. Abin da taƙaitawa ke yi kenan, ta tattaro sakin da suke nesa da juna amma abu ɗaya suke magana a kai ta ajiye su waje guda. Ka nemi kuma jimlar da ke cewa ban da lalacewar yau da gobe, wato tsufan da kaya ke yi dan ana amfani da su, fenti ya dushe, marfin famfo ya saki. In babu wannan jimlar to an buɗe ƙofar a caje ka komai, ka ce a saka.

Toh sai tara, gida na huɗu kenan. Ƙa'idata a nan ɗaya ce, duk tarar da aka rubuta da kashi cikin ɗari ka mayar da ita naira, dan "kashi biyar" ba ya tsorata kowa sai ya ga kuɗin. Tasa ta ce in an sabunta kuma kuɗin haya ya yi jinkirin da ya wuce kwana 14, za a ɗora kashi biyar cikin ɗari kowane wata a kan abin da ake bi. Kashi biyar na miliyan 1.8 dubu 90 ne, duk wata, wata uku ka tara dubu 270 a kan asalin bashin. Ka duba ma ko an ce ƙarin yana hawa kan ƙarin baya, wannan ya fi muni. Da yawan mutanenmu wannan sakin ba sa son sa saboda maganar kuɗin ruwa, kuma na ga masu gida Musulmi da su kansu ba su san yana ciki ba, lauya ne ya ɗauko tsohon fom ya sauya suna kawai, in ka nuna musu sai su ce a cire. Dan haka ka yi magana, ba abin kunya ba ne.

Tara ta biyu ita ce ta zama bayan wa'adi. In hayarka ta ƙare ba ka fita ba ba ka sabunta ba, kuɗin da ake bin ka na kwanakin nan lauyoyi na ce masa "min furofit", yawanci ana lissafa shi ne daidai da kuɗin hayar da kake biya, wato shi dubu 150 a wata. Amma takardarsa ta ce ninki ɗaya da rabi, dubu 225 a wata kenan. Wanda ya ce bari in ƙara wata biyu kafin ginina ya kammala ya san dubu 450 zai nema ba dubu 300 ba.

Akwai kuma tarar da ba ta kuɗi ba, ita ce sakin da ke cewa in ɗan haya ya saɓa kowane sharaɗi mai gida na iya komawa cikin gidansa hayar ta ƙare. Mutane na karanta wannan su tsorata, wasu masu gidan kuma su karanta su ɗauka an ba su lasin sauya kwaɗo ko cire rufi ko watso kaya waje. Ba haka ba ne, ko me takarda ta ce, fitar da ɗan haya da ƙarfi ba tare da umarnin kotu ba saɓa doka ne kuma ana iya cin mai gidan diyya. Amma sakin yana ba shi hujjar da zai kai ka kotu, shi ya sa duk wani "kada ɗan haya ya yi kaza" sai ya shiga taƙaitawarka. Ba duka za su dame ka ba, ka zaɓi waɗanda ka san rayuwarka za ta iya taɓawa. Biyu ne na fi gani a wajen mutanenmu. Na ɗaya hana ba wa wani hayar ɗaki ko sa wani a gidan ba da izini a rubuce ba, mu kuwa ƙani zai zo bautar ƙasa ya zauna wata goma, ko ka yi tafiya ka bar wa ɗan'uwa gidan, to ka tambaya tun yanzu a fayyace cewa iyali da baƙi ba sa ciki. Na biyu cewa gidan na zama ne kawai, alhali uwargida na da firiza biyu tana sayar da ƙanƙara da zoɓo ko tana ɗinki mata na shigowa, in maƙwabci ya kai ƙara wannan sakin za a ɗauko. Sauran irin su fasa bango dan sa na'urar sanyaya ɗaki ko kafa tankin ruwa, layi ɗaya ya ishe su: sai da izini a rubuce.

Sannan ka juya takardar ka yi wa mai gida nasa jadawalin, gida huɗun nan dai. A nan ne za ka ga ainihin yadda agrimen ɗin yake. A na yaron nan, ɓangarensa layi goma sha huɗu kowanne da rana da tara, ɓangaren mai gida layi uku, zai bar shi ya zauna lafiya, zai gyara rufi da jikin gini, zai biya harajin fili, kuma gidan "yaushe" da gidan "in bai yi ba fa" duk fayau babu komai. Ma'ana in rufi ya fara yoyo a watan Agusta babu ranar da aka ɗaure shi ya gyara. Wannan abin yana ci min rai gaskiya, dan na ga iyali da suka kwashe damina guda suna tara bokiti a falo alhali sun biya shekara cur. Abin da muka nema aka ƙara shi ne in an sanar da shi a rubuce zai gyara cikin kwana 14, in bai yi ba ɗan haya ya gyara ya kawo rasit a cire daga kuɗin haya na gaba. Ba tare da wannan a rubuce ba kar ka cire kuɗin gyara da kanka daga haya, za a lissafa maka shi a matsayin bashi. Ka duba soka-awe ma wa zai kwashe in ta cika, da famfon borhol in ya ƙone, waɗannan biyun kullum sai an yi musu a kansu.

Abu na ƙarshe da za ka nema shi ne abin da takardar ta yi shiru a kai, ka rubuta shi a ƙasan shafin. In an yi maka canjin wajen aiki a wata na biyar, ana mayar maka da kuɗin wata bakwai da suka rage? Yawanci in ba a rubuta ba to ba ka da hujjar nema, sai dai alfarma, ko a yarda ka kawo wanda zai gaje ka. In za a ƙara kuɗin haya, wata nawa kafin nan za a gaya maka? In an sayar da gidan fa? Ka kuma duba sunan da ke kan agrimen a matsayin mai gida shi ne sunan asusun da aka ce ka tura kuɗi, in na ejan ne ka nemi ganin takardar da mai gida ya wakilta shi, rasit kuma ya nuna kuɗin na wane lokaci ne, daga rana kaza zuwa rana kaza.

Taƙaitawar nan taka ce, ba ta maye gurbin agrimen, shi ya sa na ce kowane layi ka sa lambar sakinsa dan in magana ta taso ka koma asali cikin minti ɗaya. Hanyar gane ko ta yi kyau kuwa, ka miƙa wa matarka ko wani da bai ga agrimen ɗin ba ka tambaye shi yaushe za mu fita in ba mu sabunta ba, nawa za mu biya ran 1 ga wata mai zuwa, me zai sa a riƙe mana koshon. In ya amsa daga shafin nan kaɗai ta yi, in ya tsaya yana "ya danganta" to akwai layin da ka kwafe turancinsa ba ka mayar da shi rana ko naira ba.

Maganar Juma'a kuma, aikin nan bai fi awa biyu ba in ka zauna da daddare. Abubuwan da ka yi wa alamar tambaya ka tura wa ejan su a rubuce gobe da safe, ka ce a kai wa mai gida ko lauyansa, duk gyaran da aka amince a shigar da shi cikin takardar kanta kafin sa hannu, in da biro aka gyara ku biyun ku sa hannu a gefen wajen. Ka sa hannu a kowane shafi, ka karɓi kofinka mai sa hannun mai gida da shaidu a ranar, kar ka yarda da "za a kawo maka daga baya". In ka ga sakin da ya ɗaure maka kai, musamman na wa'adi da na notis, kwafo shi yadda yake ka turo min in duba maka kafin ranar.